Datse kashi 90 na nauyin modal: kyauta ne ko akwai wanda ke biya?

Nura, Birnin Kebbi: Jama'a, maganar da muka yi jiya, kan ko datse nauyin modal yana rage masa daidaito, ta ƙare. Na horar da ResNet-18, modal mai gane hotuna, a kan hotunan ganyen shinkafa, ya samu hotuna 940 daidai cikin 1,000 na gwaji. Na datse kashi 90 na lambobin nauyi mafi ƙanƙanta, wato na mayar da su sifili, na sake horar da shi zagaye 10, ya samu 930. Maki ɗaya kacal. Ni dai na ce datsar nan kyauta ce muddin za a sake horo.

Shafi'u: Ai ba sabon abu ba ne, Nura. Tun 2015 Song Han da abokan aikinsa suka rage AlexNet daga nauyi miliyan 61 zuwa miliyan 6.7, VGG-16 kuma daga miliyan 138 zuwa 10.3, daidaito bai faɗi ba. Ka yi ta datsa har 95 ma.

Malama Hauwa, Argungu: Lambobinka daidai ne, Shafi'u, hukuncin da ka ɗora musu ne ban yarda da shi ba. Waɗancan modal ɗin kitse ne ya yi musu yawa. A cikin miliyan 138 na VGG-16, kusan miliyan 124 suna zaune ne a leya uku na ƙarshe, kuma nan aka fi kai wuƙa. Leyar farko, wadda ke kallon hoton kai tsaye, sun bar mata fiye da rabin nauyinta. ResNet-18 gaba ɗayansa miliyan 11 da 'yan kai ne, ba shi da irin wancan tumbin. Yankan da za ka yi wa bijimi ya tashi lafiya, in ka yi wa akuya sai ka taɓa ƙashi. Nura, hotunan nan dubu, aji nawa ne, kuma kowane aji nawa?

Nura: Huɗu ne, Malama. Mai lafiya 600, mai ɗigon ƙasa-ƙasa 250, mai ƙuna 110, mai cutar rawayar ganye 40. Ita ta rawayar da ƙyar muka samu hotunanta a fadama.

Malama Hauwa: To lissafa mana kowane aji daban, kafin datsa da bayan sake horo.

Babangida, Gusau: Ku gafarce ni in shigo da tawa. Ni ma na yi abin ga da `prune.l1_unstructured` don in sa modal a wayata, sai fayil ɗin ya tashi daga kusan mega 45 zuwa kusan 90. Datsa anka ce ko ƙari? Ni kam na ce yaudara ce.

Shafi'u: 😂 Ka manta `prune.remove`. PyTorch yana ajiye abu biyu ne, `weight_orig` da `weight_mask`, shi ya sa ya ninka. Ka cire tun farko, sannan ka sake horo.

Malama Hauwa: A'a, ba tun farko ba. Shi `weight_mask` ɗin shi ke danne sifilin a wurinsa yayin horo. In ka cire shi kafin ka sake horo, waɗanda ka datse za su sake tsirowa kamar ciyawa bayan ruwan farko, ka ga daidaito ya dawo cif, ka yi ta murna, alhali modal ɗinka ya koma cikakke. Sai an gama horo ake cirewa, sannan a ƙirga:

```python
prune.remove(layer, "weight")
print((layer.weight == 0).float().mean())
```

In bai ba ka wajen 0.9 ba, ba ka datse komai ba. Kuma Babangida, ko ka yi daidai fayil zai koma mega 45 ne kawai, don sifili ma baiti huɗu yake ci kamar kowace lamba. Sai ka matse shi da zip za ka ga ragin. Gudu kuwa kada ka sa rai a waya, injin zai ci gaba da ninka lambobi da sifili ɗaya bayan ɗaya.

Babangida: To mi ne amfaninshi ke nan?

Malama Hauwa: In gudu kake nema, tashoshi sukutum ake cirewa, wannan wata muhawara ce. Bari Nura ya dawo.

Nura: Na dawo, kuma jikina ya yi sanyi. Aji uku na farko, a haɗe, hoto ɗaya tak suka rasa. Na rawayar ganye da yana gane 34 cikin 40, yanzu 25. Mafi yawan waɗanda ya ɓata cewa yake lafiyarsu ƙalau.

Malama Hauwa: Ka ga inda makinka ɗaya ya fito. Hotuna 10 ka rasa, 9 daga aji guda. Wannan ajin ya sauko daga kashi 85 zuwa 62.5, jimilla kuwa ta nuna 94 zuwa 93, don masu lafiya 600 sun rufe ɓarnar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Datsa bisa girma tana ɗauka cewa ƙaramar lamba ba ta da aiki, kuma sau da yawa haka ne. Amma da ka koma horo da ɗan abin da ya rage, modal yana gyara kansa ne ta inda kuskure ya fi yi masa ciwo, wato azuzuwan da ke da hotuna da yawa. Ajin da yake gani jefi-jefi shi ake bari a baya. Sara Hooker da abokan aikinta sun nuna haka a 2019: jimillar daidaito kan tsaya kusan yadda take, asarar ta taru a kan wasu 'yan azuzuwa da misalan da ba su da yawa. Kuma a naka, kuskuren ya faɗi ta mugun ɓangare. Manomi a Suru ya ɗauki hoton ganye mai cuta, waya ta ce masa ya je ya kwanta.

Shafi'u: Malama, da girmamawa, hotuna 40 ba su isa a yanke hukunci ba. Kowane hoto ɗaya maki biyu da rabi ne. Wa ya sani ko in ya sake horon da wani `seed` zai samu 31?

Malama Hauwa: Nan ka yi gaskiya. Ya maimaita sau uku ko biyar, har da modal ɗin da ba a datse ba, mu ga tazarar. Amma tara a wuri ɗaya, kuma kusan duk zuwa amsa guda, ni ba na kiransa tsautsayi tukuna. Nura, yaya ka yi datsar?

Nura: `amount=0.9` a kan kowace leya, lokaci guda.

Malama Hauwa: Har da ta farko da ta ƙarshe? Leyar farko ta ResNet-18 nauyi 9,408 gare ta, ka bar mata wajen 940. Ta ƙarshe, 512 sau 4, 2,048 ke nan, ka bar mata wajen 200 su raba wa aji huɗu. Cikin miliyan 11 ribar me ka ci a nan? Bar su biyun yadda suke. Sauran ka haɗa su da `prune.global_unstructured`, manyan leyoyin can ciki su ɗauki yawancin yankan. Kada kuma ka yi tsalle ɗaya: je 50, sake horo, 70, sake horo, 80, sannan 90, da `lr`, wato saurin koyo, kamar kashi ɗaya cikin goma na horon farko. A kowane mataki rubuta makin ajin rawaya shi kaɗai. Inda ya fara zamewa, nan ne iyakarka, ko da jimilla tana murmushi.

Shafi'u: Ni ina nan kan bakana: in ya yi a hankali, kuma ya riƙa nuna wa modal hotunan rawaya sau da yawa yayin sake horo, 90 zai yiwu.

Babangida: In 40 ne na gwaji, na horo ma ba su kai ya kawo ba. Maimaita hoto ɗaya sau goma ba ya mai da shi goma.

Nura: 160 ne na horo. Zan kunna na 50 da 70 yau da dare in wuta ta tsaya. Wanda ke da hotunan rawayar ganye daga wajen Yauri ya taimaka mini da su.