Layuka biyu na ƙarshe a teburin p → q: yaya kuka fahimce su?

Hadiza: Assalamu alaikum. A darasinmu na farko na kimiyyar kwamfuta an ba mu aikin gina teburin gaskiya, kuma na cike na p ∧ q da na p ∨ q ba tare da wata wahala ba. Da na iso kan p → q, wato "idan p, to q", sai na sa F, wato ƙarya, a layuka biyu na ƙarshe maimakon T, wato gaskiya, domin a ganina magana ba za ta zama gaskiya ba idan sharaɗinta ƙarya ne. Da aka dawo mini da takardar, an soke duka biyun da jan biro, an rubuta wannan a gefe:

```
p  q  p → q
T  T  T
T  F  F
F  T  T
F  F  T
```

Ina roƙon waɗanda suka taɓa makalewa a nan su faɗa mana yadda suka fita.

Auwal: Wa alaikumus salam. Ni misalin alkawari ne ya taimake ni. Idan malami ya ce, "Idan ka ci jarrabawa, zan ba ka littafi," sannan ka faɗi, shi kuma bai ba ka komai ba, to babu wanda zai ce ya saɓa alkawari, shi ya sa layi na huɗu ya zama T. Amma har yau ina ganin layi na uku ya kamata ya zama F, tunda ka faɗi amma an ba ka littafin.

Malam Ishaq: Auwal, a layi na huɗu ka yi daidai, amma a na uku ka ƙara wa malamin maganar da bai yi ba. Bai ce cin jarrabawa ne kaɗai hanyar samun littafin ba. Teburin da kake nufi, mai T, F, F, T, na p ↔ q ne, wanda ke zama gaskiya kawai idan p da q sun dace da juna.

Shekarun da na yi ina koyar da wannan darasi sun sa na daina farawa da alkawari, na koma kan lissafi. Ku ɗauki wannan jimla: idan 4 na raba lamba ba saura, to 2 ma na raba ta ba saura. Kowa ya yarda gaskiya ce ga kowace lamba. Ku gwada 8, za ku samu T da T. Ku gwada 6, wadda 4 ba ya raba ta amma 2 na raba ta, wannan F da T ne, layi na uku ke nan. Ku gwada 3, za ku samu F da F. Tunda mun yarda jimlar ba ta karye a kan kowace lamba ba, dole waɗannan layuka uku su zama T. Abin da zai karya ta shi ne lambar da 4 ke rabawa amma 2 ba ya rabawa, wato layi na biyu, kuma babu irin wannan lambar.

Bilkisu: Ni matsalata ta ɗan bambanta. An koya mana cewa p → q daidai yake da ¬p ∨ q, sai na so in tabbatar a Python, amma na rubuta `not (p or q)`, na samu `True` a layi ɗaya kacal, na ƙarshe. Na kwana ina zargin littafin kafin wata abokiyar karatuna ta nuna mini cewa baka biyun da na sa ne suka ja `not` ya hau kan p da q gaba ɗaya. Ga abin da ya yi daidai:

```python
for p in (True, False):
    for q in (True, False):
        print(p, q, not p or q)
```

Tun daga ranar nake ƙirga sakamakon, domin teburin p → q yana da `False` guda ɗaya ne tak, kuma a layin da p ke `True`, q ke `False` yake fitowa.

Hadiza: Na gode ƙwarai. Malam, misalin 6 ya warware mini layi na uku, na kuma sake cike teburin da kaina. Abin da ya rage mini shi ne jimla kamar "idan 2 + 2 = 5, to kifi yana magana", wadda teburin ya ce T ce, alhali babu wata alaƙa tsakanin ɓangarorinta biyu.

Malam Ishaq: Haka ne, malama Hadiza, teburin ba ya duba alaƙa ko dalili, gaskiya da ƙaryar ɓangarorin kawai yake dubawa, alhali "idan" ta maganar yau da kullum tana ɗauke da fiye da haka. Idan aka tambaye ki a jarrabawa, T za ki sa.

Auwal: Na karɓi misalin lambobin, Malam, amma a kan wannan jimlar ta kifi ina tare da Hadiza, zuciyata ba ta kwanta da kiran ta gaskiya ba tukuna.