Yaya zan tabbatar da abin da aka yanke a taro kafin in tura rahoto?

Assalamu alaikum. Ina samun horo a wani ofishi, kuma ni aka ɗora wa rubuta rahoton taron da ake yi duk Litinin.

Da farko nakan rubuta duk abin da aka faɗa, rahoton ya yi tsawo, ba mai karantawa. Sai na koma tebur a Word: batun da aka tattauna, shawarar da aka yanke, wanda zai yi aikin, da ranar gamawa.

Matsalar ita ce ba a rufe magana a taron namu. Misali, an yi ta ja-in-ja kan gyaran janareta, shugabar sashe ta ce "to, a duba", aka wuce. Na rubuta cewa mai kula da kayan ofis zai kawo farashi ranar Juma'a, don shi ya ambaci Juma'ar. Da na tura imel, sai ya danna Reply All ya ce shi shawara kawai ya bayar, bai ɗauki wannan aiki ba.

Na gwada ɗaukar murya da waya bayan na nemi izini, amma muryar ma "a duba" ɗin ta maimaita min. Na kai wa shugabar ta duba kafin in tura, ya kwana a teburinta har Alhamis, lokacin kowa ya manta.

Ni ne ƙarami a wurin, katse manya yana min nauyi. Don Allah, da wace magana zan nemi a faɗi sunan mai aikin da ranar gamawa kafin a tashi, ba tare da na zaƙe ba? Na gode.