Wa Zai Yi, Me Zai Yi, Yaushe?

Jiya a kungiyarmu ta ma'aikatan ofis da ke nan Legas aka yi ta muhawara kan yadda ake rubuta sanarwa, ga abinda na tsinta a ciki.

Wani da ke aiki a sito a Apapa ne ya kawo misali, wai an manna musu takarda kamar haka: "Ana sanar da cewa za a bukaci a gudanar da binciken kayan da aka shigo da su kafin a kai ga fitar da su." Sati ya zagayo ba wanda ya duba komai, don kowa na ganin da wani ake, direbobi kuma suna ta zaman jira a bakin get. Wata Hajiya da ta dade tana sakatariya ta ce matsalar duk tana wajen "a" da "an" din nan, sun boye mai aikin. Ta ce ka tambayi jimlar, wa zai yi? In ba amsa to gyara ya kama. Nata gyaran: "Mai kula da sito zai duba kaya ranar Litinin kafin direba ya dauka." Shikenan fa.

Sai kuma su "gudanar da bincike" da "aiwatar da biyan kudi", ta ce yawanci bincika da biya sun wadatar, sauran cikon takarda ne kawai.

Amma wani akawu daga Ikeja bai yarda duka ba, kuma ni ina ganin yana da gaskiya. In ba a san wanda ya yi abu ba, kamar "an sace janareta", dole haka za ka rubuta, in ka sa sunan mutum ba hujja ai ka jawo wa kanka rigima da manaja.