Intanet na gudu, kwafi na jan ƙafa

A wani shagon buga takardu a Garwa, kwafi daga ma'ajiyar ofis ya tsaya a megabait 11 a sakan, maigida kuwa na ta zagin intanet. Masu gyara suka ce babu ruwan intanet, fayilolin ko ƙofar shago ba sa fita.

Lambar kanta ta tona asiri: haka layin megabit 100 ke bayarwa, don megabait ɗaya megabit takwas ne, layin gigabit, wato megabit 1000, kan kai wajen megabait 110. Gigabit na bukatar duk wayoyi takwas na cikin kebul, ɗaya ta tsinke yana iya komawa megabit 100. Aka canja kebul, magana ta ƙare.

Wani dattijo cikinsu ya ƙara da cewa a gwada layin shi kaɗai da `iperf3`, manhajar auna gudun layi tsakanin na'urori biyu. In ya nuna kusan megabit 940, a kwafi babban fayil guda: ya yi ta tsayawa yana tashi, a tuhumi faifai, ya wuce sumul amma dubban ƙananan hotuna na rarrafe, SMB ne, wato tsarin da kwamfutoci ke raba fayiloli da shi, don kowane fayil sai an yi masa 'yar gaisuwa.