"Turo kuɗi in turo kaya": damfara ce ko ciniki?

Nura: Ni dai na yanke hukunci. Duk mai sayarwa a Facebook ko WhatsApp da ya ce sai ka biya kafin ya turo kaya, ɗan damfara ne. An ci mini jika 60 a kan shadda mita 10, yau kwana 9 ke nan lambar a kashe.

Hajiya Rabi: Allah ya mayar maka da alheri, Nura, amma kada ka yi mana kuɗin goro. Shekara 6 ina sayar da atamfa da leshi daga gidana a unguwar Zariya ta Maradi, kuma ba na ɗora kaya a mota sai an biya. Da farko na gwada sai-kaya-sun-iso. Wata ta sa na aika mata turmi 4 Damagaram, kaya suka yi kwana 5 a tasha ba ta ɗaga waya, na biya kuɗin zuwa, na biya na dawowa. Wata kuma hoton rasi ta turo mini wai ta biya, na je karɓa aka ce babu wannan turi, ashe tsohon rasi ne ta gyara sunan da kwanan wata. To mu wa zai kare mu?

Malam Issufu: Nura, kafin a yi nisa, ka amsa mini abu biyu. Da wane suna yake talla, kuma da wane suna ka tura kuɗin?

Nura: Shafin sunan wani Alhaji ne, wai shagonsa na Yamai. Da za a biya sai ya ce in tura da sunan wata mata, wai matarsa ce, shi katinsa na ɗan ƙasa ya ƙare.

Malam Issufu: To a nan aka cuce ka, tun kafin maganar a biya gaba ko baya. Ina aikin gyaran waya a unguwar Ali Dan Sofo, kusan kowane mako sai wani ya kawo mini irin wannan labari, kuma wannan gaɓar ba ta canjawa. Idan ka tura kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza don a karɓa a hannu, wanda sunansa ke kan turin shi ne zai je da katinsa ya karɓa. Da zarar an karɓa, magana ta ƙare, masu turin sun yi aikin da ka sa su. Abin da ya rage a hannunka shi ne wannan suna, shi za ka kai wa 'yan sanda. Ɗan damfara ya san haka, shi ya sa ba ya ba da nasa. Sai ya samo wata tsohuwa ko wani yaro ya ba su jika ɗaya su karɓo masa, su kansu ba su san ko wane ne ba. Mai shago na gaske sunansa ɗaya ne a shafi, a lambar waya, da wurin karɓar kuɗi. In ma akwai dalilin tura wa wani, sai ya haɗa ka da mutumin ku yi magana.

Zara'u: Amma Malam, ni na ga shafin da Nura yake faɗa. Mabiya sun fi 20,000, kuma ƙarƙashin kowane hoto mutane na cewa kaya sun iso, Allah ya ƙara kasuwa. Ai wannan shaida ce.

Malam Issufu: Rabin shaida ce, Zara'u. Ana sayen shafi da mabiyansa kamar yadda ake sayen tsohon babur. Ki shiga bayanin shafin ki nemi inda aka rubuta Transparence de la Page. Zai nuna miki ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa ɗauka. Yanzu na duba wannan: an buɗe shi a 2019 da sunan shafin labarin ƙwallo, wata 2 da suka wuce aka mayar da shi na shadda. Mabiyan nan 'yan ƙwallo ne. Sai kuma ki taɓa sunayen masu yabon, ko mutum 3. Za ki ga babu hoton suna ko biki, babu abokai 'yan garinsu, kuma duk cikin mako ɗaya suka rubuta. Shafin Hajiya Rabi akwai wadda ta yi mata ƙorafin jinkiri bara, ta amsa, suka sasanta a gaban kowa. Wannan ƙorafin ya fi kwantar mini da hankali a kan yabo 100.

Sale mai adaidaita: Ni shi ya sa ba na saye sai a babbar kasuwa, in taɓa da hannuna. Ku bar wayar nan kawai.

Zara'u: Sale, wadda ke Dakoro ko Tasawa fa, ko matar da ba ta fita? Magana ake yadda za a saya, ba a daina ba. Ni dai nawa, in ya turo mini bidiyon kayan na yarda.

Hajiya Rabi: Bidiyo ma satarsa ake yi, ƙanwata. Nawa aka ɗauka daga status ɗina, har da tabarmar ɗakina a ciki, wani yana talla da shi. Ki kira shi kiran bidiyo kai tsaye. Ki ce ya ware turmin, ya nuna miki bakin zanen inda aka buga suna, ya juya bayansa, ya fita da shi rana don launi na canjawa a ƙarƙashin fitila. In ya ce rezo ba kyau, ki ce ya rubuta sunanki da kwanan watan yau a takarda ya ɗora kan kayan ya ɗauka. Wanda kaya ke gabansa minti 2 ya ishe shi.

Nura: Na nemi kiran. Ya ce yana sito, kuma mita 10 ɗin nan kaɗai suka rage, wani na jira. Kuɗin kuma bai kai rabin na kasuwa ba, sai na ji tsoron ta wuce ni.

Malam Issufu: Duk alamun sun taru ke nan. Ka ajiye rasin da hotunan hirarku da saƙonnin murya, ka kai kwamisariya, sunan matar nan mafari ne. Ban ce kuɗin za su dawo ba.

Nura: Zan kai. Amma har yanzu ina kan bakana a wuri ɗaya: mi zai hana a raba? Kafin alƙalami da kuɗin mota, sauran sai na buɗe kaya a tasha.

Hajiya Rabi: Ga wadda muka taɓa ciniki ina yi. Baƙuwa kuwa, sai dai in tana da ɗan uwa a nan Maradi ya zo gida ya gani, ya biya, ya ɗauka. Haka na fi so ma. Kuma ku riƙa tambayar sharaɗin maidowa kafin ku biya, a rubuce. Nawa: turmi da ba a yanka ba, ba a sa wa ruwa ba, kwana 3. In ni na aika abin da ba shi aka zaɓa ba, kuɗin mota a kaina. In ke ce kika canja ra'ayi, a kanki. Shadda da na yanka mita-mita ba ta dawowa.

Zara'u: A nan ban yarda ba, Hajiya. In aka yanka ta, na ware na ga zane ya tsinke a tsakiya ko ta yi tabo fa? Laifin wa?

Hajiya Rabi: In kin ɗauki bidiyo lokacin da kike buɗe ƙullin, tun daga kwance igiya, zan karɓa. In kin kai wa tela ya dawo da ita bayan mako, ta yaya zan san inda tabon ya samo asali?

Zara'u: Mita 10 ba ta waruwa a tasha, Hajiya, ga ƙura ga mutane. Kuma duk wannan bincike na tarihi da Malam ya faɗa, ƙawata da ta fara sayar da turaren wuta watan jiya, shafinta sabo ne fil, ba mai yabo ko ɗaya. Ita ya za ta yi a yarda da ita?

Malam Issufu: Ta sa sunanta na gaskiya da unguwarsu, ta yarda da kiran bidiyo, ta fara da 'yan cikin gari da za a kai musu su biya a hannu. Na nesa kam sai ta samu wanda zai tsaya mata.

Nura: Ta turo mini lambarta, maman yara na neman turare. Amma ni sai ya iso ƙofar gida zan biya.