Me ya sa ba a auna maganin cutar kansa da BMI?

Ɗalibin jinya: Ni dai ina ganin wahala ce kawai. BMI yana cikin fayil, an haɗa tsawo da nauyi an gama. Me zai sa a sake lissafin faɗin fatar jiki, wato BSA, kafin a ɗaura maganin kansa?

Mai haɗa magani: Ɗana, BMI ƙiba da rama yake nunawa, ba ya faɗa maka girman mutum. Ɗauki mata biyu. Ɗaya tsawonta santimita 150, nauyinta kilo 56; ɗayar santimita 180, kilo 81. BMI ɗinsu duka kusan 25. Yanzu saka su a lissafin Mosteller na 1987:

```
BSA = √(tsawo × nauyi ÷ 3600)
```

Ta farko murabba'in mita 1.53, ta biyu 2.01. Idan maganin doksorubisin ne, miligiram 60 kan kowane murabba'in mita, gajeriyar za ta sami kusan 92, doguwar 121. Ka daidaita su saboda BMI, ko ka karya wa gajeriya garkuwar jini, ko ka tauye doguwa.

Sista: Haka ne, ai maganin ta fata yake bi ya watsu, shi ya sa.

Mai haɗa magani: A'a Sista, ta jijiya yake shiga. Faɗin jiki dai yana tafiya da yawan jini, da abin da zuciya ke turawa, da tacewar ƙoda, fiye da yadda nauyi kaɗai ke yi.

Likita: Yana tafiya da su, amma sama-sama. Lissafin Du Bois na 1916 mutum tara kacal aka auna aka fitar da shi. Mutum biyu masu BSA ɗaya, hantar ɗaya sai ta riga ta ɗayan kawar da magani nesa ba kusa ba. Shi ya sa maganin kansa na kaboflatin ba ya bin wannan hanya, aikin ƙoda ake dubawa da lissafin Calvert.

Baban Ummi: To ni yayata kilo 110 ce, aka ce an tsayar mata da BSA a 2.0 don kada maganin ya yi mata yawa. An kyauta ko an cuce ta?

Likita: Malam, ba zan yanke hukunci ban ga fayil ba, wataƙila da dalili. Amma tun 2012 ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka ta ce a yi lissafi da cikakken nauyin mai ƙiba, musamman in ana sa ran warkewa. Ku tambayi likitanta.

Sista: Mu dai a ɗakinmu har gobe wasu na tsayarwa a 2.0. Wanda ya taɓa jinyar mara lafiya da zazzaɓi bayan ƙwayoyin jininsa sun faɗi, hannunsa sai ya yi sanyi.

Mai haɗa magani: Ni abin da ya fi damuna tsawon da ake rubutawa da ka, ba a auna ba, da nauyin wata uku baya alhali mutum ya zube.