Shagon bakin titi mai tsada ko na cikin layi mai rabin kuɗi?

Mai Kayan Waya: Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema kafin ƙarshen wata. Kayan waya nake sayarwa, caja da murfi da gilashi, ina kuma ɗan taɓa gyara. Shago biyu ne a gabana. Na farko yana bakin titi, daf da inda motocin haya ke sauke fasinja, amma akwai masu irin kayana uku a jerin, mai shagon kuma ya ce sai kuɗin shekara biyu a dunƙule. Na biyu yana cikin layi, hayarsa rabin ta na farkon, shekara ɗaya, kuma babu mai kayan waya ko ɗaya. In na kama na farko, jarina zai ji jiki.

Maman Biyu: Ƙanena kama na layi. Ni a layi nake ɗinki, ban taɓa rasa aiki ba. Ina kai ina zama da kishiyoyi uku?

Baba Mai Shago: Hajiya, ɗinki daban ne, ke takanas ake zuwa wurinki. Wanda cajarsa ta mutu ba ya shiga layi nema, inda idonsa ya faɗa nan yake saya. Ukun nan ma ba lallai su zama matsala ba, in sun daɗe a wurin to akwai ciniki ke nan. Duba ko suna gyara. In ba sa yi, ka sami ƙofa.

Yaro, ga lissafin da za ka yi. Ɗauki bambancin hayar biyu na shekara, ka raba shi da ribar da kake ci a kan mutum ɗaya. A ce ya ba ka 3,000. Raba da kwanakin buɗe shago, a ce 300. Wato sai bakin titi ya ƙara maka mai saye 10 kullum kafin ya biya tsadarsa. In cikin masu wucewa 50 mutum ɗaya ke tsayawa, kana bukatar ƙarin mutum 500 a rana. Je ka zauna ka ƙirga da safe, da rana, da yamma, ranar aiki da ranar hutu. Masu tafiya a ƙafa ta gefenka kawai, ban da na tsallake, ban da na cikin mota.

Wanda Ya Gani: Duk wannan lissafin banza ne in mai shago ba shi da amana. Ni kango na kama, na sa tayil, na sa ƙofar ƙarfe, na ja wuta da kuɗina. Sai da wurin ya kama, mutane suka saba, ya ninka mini haya. Na ce ba zan iya ba, ya ba ni wata ɗaya. Da na zo cire ƙofata ya ce abin da aka kafa a gini na gini ne. Yanzu ɗansa ne a ciki, irin kayana yake sayarwa, har allon sunana bai sauke ba.

Baba Mai Shago: Allah ya mayar da alheri. Amma kun yi rubutu?

Wanda Ya Gani: Rasit kawai. Dattijo ne, na ji nauyi.

Baba Mai Shago: To ka ji, yaro. Kar ka tsaya ja-in-ja kan farashi kaɗai. Nemi shekara ɗaya, da sharaɗin kai ke da haƙƙin sabuntawa, a rubuta iyakar ƙarin da zai yi. In ya kafe kan biyu, to ya rage, tunda kuɗinka zai juya. A rubuta makomar gyaran da ka yi, a kuma duba ko akwai tsohon bashin wuta a mitar.

Ɗan Zolaya: In ka zauna ƙirga mutane ka tafi da littafi babba, su ukun su ɗauka mai karɓar haraji ne su rufe, ka huta.

Maman Biyu: Baba, kai shagonka naka ne, yaushe rabonka da biyan haya? A bar masu haya su yi magana.

Wanda Ya Gani: Ni dillalin ma ya fi ba ni haushi. Kashi 10 ya karɓa, ranar rigima ya kashe waya.

Maman Biyu: Kashi 10? An cuce ka. Ni 5 na ba nawa.

Ɗan Zolaya: Hajiya sauran 5 ɗin a cikin hayarki ya cusa.

Mai Kayan Waya: Na gode. Na ƙirga jiya da yamma, mutane sun fi yawa nesa ba kusa ba, sai dai yawancinsu sauka suke su tsallaka ɗaya gefen. Dillalin kuma ya ce wani ya zo da kuɗi a hannu, in ban biya gobe ba shi ke nan.

Wanda Ya Gani: Haka nawa ya ce mini. Ka taɓa ganin mai shagon ido da ido, ko duk ta bakin dillali kake ji?